Don Allah mene ne bambancin fozishinin da silogan? Mai allon shago na jira na

Sabon_Shiga24:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah a warware mini wani abu. Shekara huɗu ina koyon gyaran waya a wajen ogana, yanzu Allah Ya yi zan buɗe nawa ƙarshen wata mai zuwa. Na je wajen mai yi mini allon shago da logo sai ya ce in kawo silogan, na zauna kwana biyu ina ta juyawa har na fito da "Ƙwarewa da gaskiya, gamsuwarka ce burinmu". Na tura wa yayan wani abokina da ya karanci harkar kasuwanci, ni a tunanina yabawa zai yi, sai ya ce wai silogan ɗin ba laifi amma mene ne fozishinin ɗina. Na ce ai shi ne wannan, ya ce a'a wannan kirari ne kawai. Wallahi ban gane ba kuma kunya ta hana ni sake tambayarsa. Ba abu ɗaya ba ne? In kuma ba ɗaya ba ne wanne ake fara yi?

Alhaji_Mai_Kwana:
Wa alaikumus salam. Allah Ya sa albarka yaro. Fozishin ai wurin da shago yake kenan, gaskiya ya faɗa maka. Ka nemi bakin titi ko kan kwana inda mutane ke wucewa, kar ka yarda a tura ka cikin lungu don haya ta fi sauƙi, za ka yi da na sani.

Kwana_Casain:
Alhaji ya kai mu kan kwana tun ba a tashi motar ba 😂

Dan_Boko99:
Alhaji da girmanka, ba wannan yake nufi ba. Abin mai sauƙi ne, fozishinin shi ne dogon bayanin da kamfani yake rubutawa ya ajiye a ofis, silogan kuma shi ne gajeren da ake fitar wa jama'a. Wato in ka taƙaita fozishinin ɗinka zuwa kalma huɗu ko biyar ka samu silogan. Shi ke nan.

Malam_Tallace:
Sabon_Shiga, barka da ƙoƙari, Allah Ya ba da kasuwa. Na daɗe ina aikin talla, kuma wannan tambayar taka manya masu kuɗi ma suna ruɗewa a kanta, don haka cire kunya.

Dan_Boko ya taɓo wani abu amma bai kai ba. Fozishinin ba takarda ba ce. Gurbi ne da kake so ka kama a cikin kan mutum. Ka ɗauka yanzu wayar wani ta faɗi sikirin ya fashe, kafin ya tashi daga inda yake sunaye biyu ko uku ne za su zo masa, kuma kowane suna da dalilinsa: wane ya fi araha, wane ya iya aikin da ya gagari kowa, wane kuma kusa yake da ni. To tambayar yayan abokinka ita ce, in sunanka ya zo wa mutumin nan, da wane dalili zai zo? Wannan dalilin shi ne gurbinka. Silogan kuwa 'yan kalmomi ne da kake rubutawa a allo don su tuna wa mutane dalilin. Ɗaya shawara ce da kake yankewa game da yadda za ka gudanar da shago, ɗayan kuma magana ce.

Yi wa naka wannan gwajin. Ka goge sunanka daga saman allon ka sa sunan ogan da ya koya maka aiki. "Ƙwarewa da gaskiya, gamsuwarka ce burinmu" ta zauna masa? Ta zauna. Ka sa sunan mai gyaran mota, ta zauna. Asibitin haƙori ma ta zauna. Kuma babu mai gyaran da zai rubuta "rashin ƙwarewa da ƙarya", to ka ga ba ka ce komai ba da zai sa a tsallake shago biyar a zo naka.

Sabon_Shiga24:
Kai Malam ka kashe ni, kwana biyu fa na yi a kan jimlar nan 😭 Amma na fara hangowa. To ni me zan ce ya bambanta ni? Sikirin ɗaya muke saye a wajen dila ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, ni ban ga wani abu da nake da shi wanda babu a wajen sauran ba.

Malam_Tallace:
Kar ka fara daga kanka, fara daga mai kawo waya. Shekara huɗu kana zaune a shago, me ka fi jin mutane suna ƙorafi a kai ko suna tsoro? Ba abin da suke cewa in an tambaye su ba, abin da ka gani da idonka.

Sabon_Shiga24:
Gaskiya abu biyu. Na farko "dawo gobe", goben kuma ta zama jibi ta zama sati. Na biyu kuma barin wayar kanta. Sau da yawa musamman mata, in aka ce su bar waya su ba da lambar buɗewa sai ka ga jikinsu ya yi sanyi, wata ta tsaya gefe tana ta goge-goge kafin ta miƙo, wata ma ta ce bari ta je ta dawo kuma ba za ka sake ganinta ba. Akwai wani mutum da ya zauna mana awa uku a kan benci ya ƙi tafiya saboda manhajar bankinsa na ciki.

Ummi_Z:
Wannan ni ce wallahi. Wata biyar ina amfani da waya da fasasshen sikirin har yana yanka mini yatsa, ba don babu kuɗin gyara ba, don kawai ba zan iya barin ta a hannun wani ta kwana ba. Hotunan gida, hirar 'yan'uwa, komai na ciki. Ban ce masu gyara duk suna leƙe ba amma ta ina zan sani? Da akwai wanda zai gyara ina zaune ina kallo ko ya fi tsada zan je.

Malam_Tallace:
To ga shi Ummi ta ba ka kyauta abin da kamfanoni ke biyan kuɗi a binciko musu. Bari mu gwada rubuta shi a jimla ɗaya, ba don allo ba, don kai kanka. Jimlar tana amsa abu huɗu: don wa, me kake yi masa, maimakon wa, kuma me zai sa ya yarda. Misali: don mutumin da ba ya son rabuwa da wayarsa, shagona ne inda ake canja sikirin da batir da wurin caji a gabansa cikin awa ɗaya, ba kamar inda ake cewa bar ta ka dawo ba, kuma zai yarda saboda teburin aikin a buɗe yake yana kallo, ba kuma a karɓar lambar sirrinsa.

Ka ga jimlar ba ta da daɗin ji, ba mai rera ta. Ba aikinta ba ne. Aikinta ta gaya maka yadda za ka kashe ɗan jarinka. Teburin aiki ba zai kalli bango ba, zai kalli kwastoma, da gilashi a tsakani ko ma babu. Kujera mai kyau ta zama dole tunda zama za a yi. In an gama sa sikirin, mai wayar ne zai buɗe ta da hannunsa ya gwada taɓawa da kyamara da sifika. Kuma dole kayan gyaran su kasance a shagon kafin ya zo, don in ka ce "bari in aika a karɓo" alkawarin awa ɗaya ya mutu. Duk wannan kafin a zo maganar silogan. Bayan nan ne za ka iya rubuta wani abu kamar "A gabanka za a gyara" a allo, kalma biyar, kuma ka sake gwajin ɗazu ka gani ko za ta zauna wa shagon da ake shiga da waya bayan labule.

Dan_Boko99:
To ai Malam abin da na faɗa kenan, ka rubuta dogo sannan ka taƙaita shi ya zama silogan.

Malam_Tallace:
A wannan karon ya yi kama da haka, amma ba kullum ba. Ɗauki Volvo. Ka tambayi wanda ya san mota me ke zuwa masa in an ce Volvo, mafi yawa za su ce kariya in an yi hatsari. Ka ce su faɗi silogan ɗin kamfanin, da wuya ka samu mai kawowa, kuma sun canja shi ba sau ɗaya ba. Abin da ya kafa musu gurbin aiki ne: injiniyansu Nils Bohlin ne ya fito da bel ɗin kujera mai maƙale uku a 1959, irin wanda ke cikin kusan kowace mota yau, kuma suka bar sauran kamfanoni su yi amfani da shi. Suka ci gaba da bin wannan layin shekara da shekaru. Gurbi yana nan ko babu silogan. Silogan kuma yana iya kasancewa babu gurbi a ƙarƙashinsa, irin na ɗan'uwanmu na farko.

Sneaker_Boy:
Ni fa ban yarda silogan ƙaramin abu ba ne. Nike fa? Kalma uku kacal, "Just Do It", suka mayar da su abin da suke yau. Kowa a duniya ya san su.

Hajiya_Lissafi:
Ɗana duba shekarun. Kamfanin ya fara a 1964 da wani suna daban, ya koma Nike a 1971, silogan ɗin da kake magana bai zo ba sai 1988. Kafin nan sun yi shekaru suna yi wa masu tsere takalmi har sun zama babban kamfani. Sannan kuɗin da suka zuba don kalmomin nan uku su shiga kunnen duniya, wanda zai buɗe shago ɗaya ba shi da ko ƙurarsa. Silogan irin wannan da ba ya faɗin abin da ake sayarwa sai mai kuɗin maimaita shi sau miliyan. Ƙaramin ɗan kasuwa gara nasa ya faɗi abu a fili.

Sneaker_Boy:
Na ji Hajiya, amma dai ba a ce bai yi musu amfani ba.

Hajiya_Lissafi:
Ya yi mana. Cewa na yi ba shi ne harsashin ginin ba.

Baban_Shago:
Ku yi haƙuri zan ɗan ɓata muku hira. Shekara goma sha tara ina kasuwanci ban taɓa rubuta wata jimla mai abu huɗu ba kuma alhamdulillahi ina ci ina ciyarwa. Yaro zai buɗe shago da ɗan jarin da bai taka kara ya karya ba, haya na jiransa, kuna ce masa ya zaɓi kwastoma. Wane zaɓi? Shekarar farko duk abin da ya shigo ƙofa ka karɓa. Wannan maganar fozishinin ta manyan kamfanoni ce masu ofishin talla, mu namu fozishinin shi ne ka buɗe da wuri ka yi gaskiya ka iya magana da mutane.

Injiniya_Fanel:
Baba yana da gaskiya ta wani ɓangaren, kuma ni matsalata da shawarar Malam ta aiki ce. Ni ma gyara nake yi. Sikirin minti talatin zuwa arba'in in ba a samu matsala ba, batir ƙasa da haka, wurin caji ya danganta da wayar. Waɗannan za ka iya a gaban mutum. Amma wayar da ta faɗa ruwa fa? Ko wadda ta mutu gaba ɗaya sai ka bi fanel da mita kana neman inda ya yi shot? Wannan yana iya cin yini, wani lokaci ka ajiye ka dawo da sabon ido gobe. Ba za ka yi shi mutum na tsaye a kanka yana "ya ake ciki" duk minti biyar ba, hannunka ma rawa zai yi. Kuma a nan ribar take, don sikirin kowa ya san kuɗinsa. To in ya rubuta "A gabanka za a gyara" aka kawo masa matacciyar waya ya zai yi, ya kore ta?

Malam_Tallace:
Injiniya tambayarka ta fi duk abin da na rubuta amfani, don a nan ne ake gane bambancin da ake tambaya. Silogan ba ya hana ka komai, ka rubuta ka ci gaba da abin da ka ga dama. Gurbi kuwa yana da abin da yake hana ka, in bai hana ka komai ba to ba ka zaɓi komai ba. Hanya biyu yake da ita. Ko dai ya ce ba ya aikin fanel, ya haɗa kai da irinku ya riƙa turo muku kuna ba shi wani abu. Ko kuma ya karɓa amma ya faɗa tun a bakin tebur cewa wannan ba ta cikin aikin awa ɗaya, za ta kwana, ga takarda, a cire sim da memori a ba mai ita, ba kuma a karɓi lambar sirri ba. Abin da ba zai yi ba shi ne ya karɓa shiru ya ce "dawo anjima" ya koma irin waɗanda ya ce ya bambanta da su.

Baba kuma, ina girmama shekarunka, amma zan iya rantsuwa kana da gurbi ko ba ka taɓa kiransa da suna ba. In kwastomanka zai turo ƙaninsa wajenka, me yake ce masa?

Baban_Shago:
Cewa suke je wajen Baba ba ya sayar da jabu, in ya lalace kuma zai canja maka ba gardama.

Malam_Tallace:
To shi ne. Kuma na tabbata akwai kaya masu arha da ka ƙi sarowa saboda wannan sunan, ka bar wa maƙwabta wannan cinikin.

Baban_Shago:
Akwai kam. Amma ni ban zauna na tsara ba, da kansa ya zo bayan shekaru. Shi ya sa nake cewa a bar yaro ya fara tukuna, kasuwa za ta gaya masa ko shi wane ne. In ya ɗaure kansa tun ranar farko da abin da bai gwada ba fa?

Maman_Iman:
Bari in shigo da nawa don ya shafi maganar Baba. Ni ɗinki nake yi. Da na fara na sa an buga mini fulaya da "Ɗinki na zamani don kowa da kowa", ina karɓar komai, kayan yara, na maza, labule, har rigar kujera. Shekara biyu ina wahala, kowane aiki sabon koyo, ga ɓarnar yadi. Sai na lura waɗanda ke dawowa kusan duk mata ne masu jiki, waɗanda in sun sayi na kanti ba ya zauna musu, ni kuma ina da haƙurin awo da gwaji sau biyu. Wata ce ma ta ce mini "ke kaɗai ce ba kya sa ni jin kunyar awo". Daga nan na daina karɓar sauran a hankali. Yanzu ko silogan ba ni da shi, tsohuwar fulayar ma na daina rabawa, amma in mace ta shigo na san wadda ta turo ta da abin da aka gaya mata. Don haka Baba ya yi gaskiya kasuwa ce ta nuna mini, amma da wani ya yi mini tambayar da Malam ya yi wa yaron nan tun farko da ban yi asarar shekara biyu ba, wataƙila.

Kwana_Casain:
Anti a taimaka da silogan mana, "Mun san jikinki" 😂

Maman_Iman:
Allah Ya shirye ka, so kake mazajensu su rufe mini shago.

Dogo_Express:
Ni gargaɗi zan yi saboda na ƙone. Na fara harkar kai saƙo da babur biyu, na rubuta a jikin akwatin "Cikin awa ɗaya ko kyauta". Mutane suka so abin, waya ta yi ta shigowa, wata na farko ina ta murna. Matsalar ban yi lissafi ba, babur biyu in saƙo shida suka shigo lokaci ɗaya ta fuskoki daban-daban dole huɗu su makara. Na yi ta kai kaya kyauta, da na gaji na fara gardama da kwastoma a kan daga yaushe ake fara ƙirga awar, sai sunan ya juye, aka koma kirana mai awa ɗayan ƙarya. Kalmomin da na biya aka rubuta su suka zama abin zagina. Sabon_Shiga kafin ka sa awa ɗaya a ko'ina ka zauna ka ƙirga, kai kaɗai ne, in mutum uku suka shigo tare na ukun awa nawa zai zauna?

Sabon_Shiga24:
Yaya Dogo wannan ta shige ni. In sikirin ne duka ukun, na ƙarshe zai kusan awa biyu. Kuma gaskiya kuɗina ba zai sayi sikirin na kowace waya ba, na lissafa zan iya ajiye na samfuri kamar takwas da aka fi kawowa, bibbiyu ko uku-uku.

Hajiya_Lissafi:
To ka cire awa ɗayan daga allo, ka bar "a gabanka" kawai. Wancan alkawari ne da cunkoso zai iya karya maka, wannan kuwa yana hannunka ko mutum goma ne a layi. Lokaci ka riƙa faɗa da baki in ka ga wayar da layin da ke gabanka. Samfuri takwas ɗin kuma ka rubuta su a ƙaramin allo a ciki, wanda tasa ba ta ciki ka ce ya tafi da wayarsa, in kayan sun iso ka kira shi. Ka ga ko a nan wayar ba ta kwana a wajenka ba.

Malam_Tallace:
Hajiya ta gyara mini, na karɓa. Na cusa abu biyu a jimla ɗaya, sauri da amana, alhali ɗaya ake kamawa. Tsohuwar matsala ce, kowa so yake ya ce shi ne mafi sauri mafi arha mafi inganci, kan mutum kuma abu ɗaya yake riƙe maka.

Labarin Dogo ya tuna mini da Avis, masu ba da hayar mota a Amurka. A 1962 Hertz ne na ɗaya nesa ba kusa ba, Avis kuma ya yi shekaru yana asara. Sai suka fito da talla suna cewa mu ne na biyu, shi ya sa muke ƙara ƙoƙari. Mutane suna ɗauka dabarar a kalmomin take. Amma ka duba abin da suka yi, sun yarda da gurbin da mutane suka riga suka ba su, ba su yi ƙaryar su ne na ɗaya ba, sannan suka juya shi ya zama dalilin zuwa wajensu. Tallan kuma ƙananan abubuwa yake lissafawa da kowa zai iya dubawa, mota a wanke, tanki a cike, abin goge gilashi mai aiki, layi gajere. Da mutum ya je ya tarar da mota da datti da tallan ya zama abin dariya kamar na Dogo. Sun riƙe silogan ɗin shekara hamsin, sai 2012 suka sauke shi. Al Ries da Jack Trout, waɗanda suka yaɗa wannan kalma ta fozishinin tun wajen 1970, sun sha kawo misalin nan don nuna cewa gurbi kullum a gefen wani ake kama shi, ba a sarari ba. Kai ma "a gabanka" tana da ma'ana ne kawai saboda akwai masu shiga bayan labule.

Injiniya_Fanel:
To a nan ma akwai magana. In ya rubuta haka kamar yana cewa mu sauran ɓarayi ne masu leƙen wayar mutane. Kuma abu na biyu, me zai hana na kusa da shi ya juya teburinsa gobe shi ma ya rubuta haka? Juya tebur ai ba jari ba ne.

Ummi_Z:
Injiniya ba wanda ya ce ku ɓarayi ne, amma tsoron yana nan ko an rubuta ko ba a rubuta ba. Ni dai in na saba da wuri ɗaya na natsu da shi ba na canjawa don wani ya kwaikwaya.

Dan_Boko99:
Wanda ya fara shi ake riƙewa ai, ko an kwaikwaya.

Hajiya_Lissafi:
Ba kullum ba Dan_Boko. In wanda ya kwaikwaya ya fi shi jari, yana da sikirin na samfuri talatin da ma'aikata uku, zai iya ƙwace gurbin, mutane su manta wa ya fara. Wannan haɗarin gaske ne kuma ban ga maganinsa a allo ba. Abin da zan ce kawai, bayan wata uku ka riƙa tambayar duk sabon kwastoma wa ya turo shi kuma me aka ce masa, ka rubuta amsar yadda ya faɗa a bayan littafin ciniki. In cikin ashirin mafi yawa suna cewa "an ce kai a gaban mutum kake yi", gurbin ya kama. In "an ce kana da sauƙi" suke cewa ko "wucewa nake na gani", to abin da ka rubuta a allo daban, abin da ke kan mutane daban, sai ka sake zama.

Alhaji_Mai_Kwana:
Kun gani, "wucewa nake na gani". Ashe dai maganata ta bakin titi ba ta faɗi ba.

Kwana_Casain:
Alhaji ya dawo ya karɓi kofinsa 🏆

Sabon_Shiga24:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka wa kowa. Na kira mai allo na ce ya dakata da rubutun ƙasa, ya yi suna da logo kawai tukuna. Kafinta kuma na ce teburin ya kalli ƙofa. Abin da ban yanke ba shi ne aikin fanel, don gaskiya shi na fi iyawa kuma shi na fi so, ogana ma ni yake ba wa in ya gagara. Yanzu ina tunanin ko ma gurbina can yake, mai tada wayar da aka ce ta mutu, ba wannan na a gabanka ba. Ko ana iya haɗa biyun?

Injiniya_Fanel:
Ka ga wannan da ka faɗa tun farko. Wanda ya iya fanel da gaske ba su da yawa, kuma ba a kwaikwayonsa da juya tebur. Amma kwastomanka a nan ba Ummi ba ce, sauran masu gyara ne za su riƙa kawo maka abin da ya fi ƙarfinsu, su kuma ba allo suke karantawa ba.

Baban_Shago:
Kun ga abin da nake faɗa. Yaro bai buɗe ba har ya canja fozishinin sau biyu. Buɗe tukuna.

Malam_Tallace:
Gara ya canja sau biyu a nan Baba da ya canja bayan ya biya kuɗin allo da sikirin ashirin. Sabon_Shiga, haɗa biyun a shago ɗaya yana yiwuwa, a allo ɗaya ne ban ba ka shawara ba. Kafin in ce wani abu, a cikin wayoyi goma da ake kawo wa oganka nawa ne na fanel, kuma su wa ke kawo su, masu wayar ko masu gyara?

Sabon_Shiga24:
Ban taɓa ƙirgawa ba Malam. Akwai littafin da muke rubuta aiki, gobe in na je zan roƙi oga ya bar ni in duba na wata uku in kawo muku.